Me ya sa ake dawo da babban hoton kayana? Tambayoyi da amsoshi ga masu sayar da kaya ta intanet a Kumasi

Waɗannan tambayoyi ne da suka fi yawa a bakin masu ɗinkin takalma na Aboabo da Asawase, da masu atamfa da man kaɗe na Kejetia, waɗanda suka fara ɗora kaya a kasuwannin intanet suka tarar ana mayar musu da hoton farko. Ana maganar babban hoto ne kawai, wato wanda mai saye ke fara gani a jerin kaya kafin ya buɗe shafinka. Shi ne aka fi tsananta wa sharuɗɗa. Alkaluman da ke ƙasa su ne kasuwannin suka daɗe suna aiki da su, amma sukan sabunta doka, don haka a riƙa karanta abin da aka rubuta kusa da wurin ɗora hoto.

Wane sharaɗi ne ake nema a babban hoto, a taƙaice?

Abu uku ne ke kayar da yawancin hotuna: launin bayan kaya, yawan fiksel, wato ɗigogin da suka haɗu suka zama hoton, da yadda aka yanke shi. Amazon ta fi kowa tsanani. Tana son bayan kaya ya zama fari sol, wanda a lissafin launi ake rubutawa RGB 255,255,255, tana son kayan su cika kashi 85 cikin 100 na hoton, kuma kada a ga rubutu ko tambari ko wani abu da ba ya cikin abin da ake sayarwa. Gefen hoton da ya fi tsawo kada ya gaza fiksel 500, kuma sai ya kai 1000 kafin mai saye ya iya zuƙo shi. Jumia, wadda ta fi kusa da mu a nan Ghana, tana karɓar hoto daga 500 x 500 zuwa 2000 x 2000, nauyinsa kada ya wuce 2MB, ita ma farin baya take so ba tambari. eBay tana neman aƙalla 500 a dogon gefe, tana ba da shawarar 1600.

Wanda ya haɗa hoto murabba'i mai 2000 x 2000, JPEG, bayansa fari sol, kayan sun cika shi, ya gamsar da ukun nan da hoto ɗaya. Shi ya sa kusan duk amsoshin da ke biye suke nufar wannan ma'auni.

A Jiji ina ɗora hoto yadda na ga dama ana karɓa. Me ya sa nan ake wahalar da ni?

Domin aikinsu ba ɗaya ba ne. Jiji da Tonaton wuraren talla ne, mai saye zai kira ka ya zo ya gani, kuma hoton da ya nuna kayan a shagonka ma yakan ƙara masa yarda. Jumia da Amazon kuwa suna jera kayan mutane dubbai a shafi ɗaya mai farin launi, suna son kowane hoto ya saje da shafin kamar shago ɗaya ne. Idan bayan hotonka toka-toka ne, zai fito kamar an manna masa akwati a tsakiyar farin shafi.

Malam, a kan farar takarda na ɗauka, amma aka ce bayan ba fari ba ne. Da idona ina ganin fari. Yaya ke nan?

Hajiya, idonki bai yi ƙarya ba, takardar fara ce. Hoton ne bai fito da ita fara ba, kuma dalilin yana cikin yadda kyamara ke auna haske. An gina ta ne ta ɗauka cewa duk abin da ke gabanta, idan aka haɗa duhunsa da haskensa, matsakaici ne, wato ruwan toka. Idan kika cika mata ido da farar takarda sai ta ga haske ya yi yawa, ta rage da kanta, takardar ta koma toka mai haske. Kowane ɗigo a hoto yana da lamba uku, ja da kore da shuɗi, kowacce daga 0 zuwa 255. Baƙi ƙirin shi ne 0,0,0, fari sol 255,255,255. Farar takardar da waya ta ɗauka ba tare da an taɓa komai ba galibi takan tsaya wajen 200 zuwa 225. Ido ba ya kama wannan idan hoton yana shi kaɗai a fuskar waya, musamman a manhajar hotuna mai baƙin baya, domin ido yana ɗaukar abin da ya fi haske a gabansa a matsayin fari.

Gwajin da ba ya buƙatar komai shi ne ki tura hoton cikin farin shafi, ko na rubutu ne, ki duba ko kina ganin inda hoton ya ƙare shafin ya fara. In kina ganin iyakar, bai kai ba. Wanda ya fi wannan shi ne manhajar da ke karanta lambar launi idan an taɓa wuri a hoto. A taɓa kusurwoyi huɗu da tsakiyar kowane gefe, domin galibi kusurwoyi sun fi duhu, kuma ƙasan hoto inda takarda ta fi nisa da haske shi ya fi cin amana.

Gyaran yana farawa tun wajen ɗauka. Ki taɓa kayan a fuskar wayar, alamar rana ko layin haske zai fito, ki ja shi sama har takardar ta yi haske sosai amma kayan ba su wanke ba. Ba za ki kai 255 a nan ba, kuma ba a so ki matsa sai kin kai, domin kafin takarda ta kai can gefen kayan ya fara narkewa. In kika kai wajen 240, ragowar aikin gyara ne mai sauƙi.

To yaya ake ƙarasa shi zuwa fari sol?

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce ɗaga hasken bayan kawai, misali da Curves ko Selective a manhajar gyaran hoto ta Snapseed, har takardar ta kai 255 kayan suna nan yadda suke. Wannan hanyar ta fi kyau ga abin da ke da gefe mai gashi-gashi ko zare-zare, kamar bakin fugu ko kwandon saƙa, kuma tana barin 'yar inuwar da ke ƙarƙashin kaya, wadda ke sa abu ya zauna daram maimakon ya yi kamar yana lilo a iska. Ta biyu ita ce yanke kayan gaba ɗaya da manhajar cire baya a ɗora su a kan fari. Ta fi sauri, kuma ga kwalba ko kwali ko takalmi mai gefe tsaf babu laifi.

Sai dai a duba aikinta da kyau, a zuƙo hoton a bi gefen kayan kaf. Wuraren da take yawan kuskure su ne ramuka: tsakanin igiyoyin takalmi, cikin hannun jaka, ƙarƙashin marfin kwalba. Takan bar tsohon bayan a ciki, sai ka ga takalmi a kan fari amma tsakanin igiyoyinsa toka. Wani lokaci kuma takan cinye siririyar igiya ta ɗauka baya ce. In an ɗauki hoton a kan jar tabarma ko shuɗin zane, launin yakan bar zobe a gefen kayan wanda ba ya fita, domin hasken da ya taso daga zanen ya riga ya rina fatar. Saboda haka ko da za a cire bayan daga baya, a ɗauka a kan fari tun farko.

Ba ni da ɗakin hoto. Me zan tanada?

Farar takarda mai kauri irin wadda ɗalibai ke zane a kai, babba, wadda ake samu a shagunan littattafai na Adum. Kada ta zama mai sheƙi. A manna rabinta a bango, rabin ya kwanta a kan tebur, tsakiyar ta lanƙwasa a hankali ba tare da an karya ta ba, don kada layi ya fito a bayan kayan. Farin zanen gado bai kai ta ba: duk gugar da aka yi masa, kyamara na ganin saƙarsa da ƙananan tattara.

Haske kuma na rana ya fi, amma ba a cikin ranar ba. Bakin ƙofa ko baranda mai inuwa, inda haske ke shigowa daga gefe ɗaya, a ajiye wata farar takarda a ɗaya gefen ta mayar da hasken kan kayan. A kashe fitilar ɗaki. Idan aka haɗa hasken rana da ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa, gefe ɗaya na takardar zai yi shuɗi-shuɗi ɗayan ya yi rawaya, kuma babu gyaran da zai daidaita su duka a lokaci guda. A lura da bangon da ke kusa ma, domin gidajenmu da yawa fentinsu kore ne ko ruwan hoda, kuma launin yakan faɗo kan takarda. A nan Kumasi magariba ba ta nisa da ƙarfe shida duk shekara, don haka wanda ya bari sai ya tashi daga kasuwa zai ƙare da fitilar waya, ita kuwa inuwa mai kaifi take jefawa a baya ta sa fata da leda ƙyalli. Hantsi ya fi.

Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, a goge kayan da takardar da idon kyamarar kafin kowane ɗauka. Ƙurar da ido bai damu da ita ba tana fitowa ɓaro-ɓaro a baƙin takalmi idan mai saye ya zuƙo.

Wayata megafiksel 50 ce. Ta yaya za a ce hotona ya yi ƙanƙanta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cancanta a zauna a kanta, domin a nan yawancin mutane suke asara ba su sani ba. Abin da kasuwa ke aunawa shi ne fiksel ɗin da suka rage a fayil ɗin da ka ɗora, ba lambar da aka rubuta a kwalin waya ba. Da ma yawancin wayoyi masu 48 ko 50 suna haɗa ɗigo huɗu su zama ɗaya, su ba ka hoto mai kusan megafiksel 12, sai in ka zaɓi cikakken girman da kanka. Sha biyun ma ta isa har da ragi. Matsalar ita ce abin da ke faruwa da hoton tsakanin ɗauka da ɗorawa.

Ɗauki misalin mai ɗinkin takalmin fata a Aboabo. Yaron shagonsa ya ɗauki hoto da waya, ya fito 4000 x 3000. Ya tsaya nesa, don haka takalmin ya ci fiksel 900 ne kawai a tsawonsa, sauran duk takarda ce da gefen tebur. In ana son takalmin ya cika kashi 85 na hoton, sai a raba 900 da 0.85, a samu kusan 1059. Ma'ana bayan an yanke, hoton zai zama 1059 x 1059. Ya tsallake 1000 da kyar, zai shiga.

Amma yaron bai ɗora daga wayarsa ba. Ya tura wa maigidan ta WhatsApp kamar yadda ake tura kowane hoto. WhatsApp yana matse hoto ya mayar da dogon gefensa wajen 1600, don haka 4000 x 3000 ya koma 1600 x 1200. Komai ya ragu zuwa kashi biyu cikin biyar, takalmin da yake 900 ya zama 360. Maigidan ya yanke yadda ya kamata, 360 a raba da 0.85, ya samu 424 x 424. Bai kai 500 ba. Jumia za ta ƙi shi, Amazon za ta ƙi shi, eBay ma haka, alhali a fuskar wayarsa hoton yana da kyau.

Da yaron ya sake ɗauka, ya matso har takalmin ya ci fiksel 2400 daga cikin 4000. Yanzu 2400 a raba da 0.85 ya ba da kusan 2824, wanda bai wuce tsayin hoton na 3000 ba, don haka murabba'in zai fita ba tare da an ƙara komai ba. Ya tura shi a matsayin Document, wanda ba ya taɓa fayil. Aka yanke 2824 x 2824, aka rage zuwa 2000 x 2000. Takalmin ya tsaya a 1700, da fari 150 a hagu 150 a dama. Waya ɗaya ce, takalmi ɗaya, takarda ɗaya.

Yaya zan san girman hoton da ke hannuna?

Buɗe shi a manhajar hotuna ka nemi Details ko alamar i, za ka ga lamba biyu da x a tsakaninsu. Ka duba bayan ka gama yanka da gyara, ba kafin ba, kuma ka duba ainihin fayil ɗin da za ka ɗora. Wasu manhajojin gyara suna rage hoto wajen ajiyewa ba su faɗa ba, musamman na kyauta. Wasu masu cire baya ma ƙaramin kwafi suke bayarwa sai an biya kafin a samu cikakke.

In ya yi ƙanƙanta ba sai na ƙara masa girma ba? Akwai manhajar da ke mayar da 400 ya zama 2000.

Lambar za ta canza, kuma injin da ke duba girma zai bari ya wuce. Amma ɗinkin da kyamara ba ta kama ba ba zai dawo ba. Manhajar tana shimfiɗa kowane ɗigo ne ta cike tsakani da kintace, sai hoton ya yi dishi-dishi, gefen kayan ya yi laushi, rubutun da ke jikin kwalba ya daina karantuwa. Akwai matakin duba inganci bayan na girma, kuma hoto mai dishi yana cikin abin da ake mayarwa. In ma ya wuce, mai saye zai zuƙo ya ga hazo. Ragewa galibi ba ta da illa, ƙarawa ce ke da ita. In kayan suna hannunka, sake ɗauka ya fi sauri a kan wannan wahalar.

Haka nan hoton fuskar waya. Wanda ya buɗe hoto ya danna maɓallan ɗaukar fuska ya samu girman fuskar wayarsa ne kawai, sau da yawa faɗin 720 ko 1080, har da baƙin sama da ƙasa da alamar batir.

Mai shagon buga takardu ya ce sai na mayar da shi 300 dpi. Gaskiya ne?

Gaskiya ne ga aikinsa, domin wannan lambar tana faɗa wa injin bugawa ɗigo nawa zai zuba a kowane inci na takarda. A fuskar waya ko kwamfuta ba ta canza komai. Hoto mai 2000 x 2000 ɗaya ne ko an rubuta masa 72 ko 300.

Wannan kashi 85 ɗin, yaya ake auna shi? Kayana siriri ne, ba zai taɓa cika murabba'i ba.

A aikace ana bin dogon gefen kayan ne. Kwalbar turare mai tsawo za ta ci kusan kashi 85 na tsayin hoton, hagu da dama kuma su zama fari, ba laifi. A hoto mai 2000, wannan yana nufin 1700 na kaya, 150 a sama, 150 a ƙasa. Kuskure biyu ake yi a nan, kuma kishiyoyin juna ne. Wani yakan bar kayan ƙanana a tsakiyar farin fili, sai a jerin kaya su zama ɗan ɗigo kusa da na maƙwabta. Wani kuma don gudun haka yakan matse har ƙafar kujera ko hancin takalmi ya taɓa bakin hoton ko ya fita. Na biyun ya fi muni, domin doka ta ce a ga kayan gaba ɗaya, babu abin da aka datse.

Idan ka zo yanke murabba'i ka ga wurin bai isa ba, misali doguwar riga da aka ɗauka a tsaye, kada ka ja hoton ta gefe don ya cika. Rigar za ta yi ƙiba, da'ira ta koma ƙwai, kuma ana ganewa. Ƙara fari za ka yi a gefe biyu. A Snapseed akwai Expand, ka zaɓi White. Amma sai ka fara kai bayan hoton 255, in ba haka ba za a ga layi inda takardar toka ta haɗu da sabon farin.

Wanda yake da kwamfuta da kaya masu yawa, shirin kwamfuta mai suna ImageMagick yana yin wannan duka da umarni mai layi ɗaya, muddin an riga an cire bayan:

```
magick takalmi.png -trim +repage -resize 1700x1700 -background white -alpha remove -gravity center -extent 2000x2000 -quality 88 takalmi.jpg
```

Yana datse duk filin da ke kewaye da kayan, ya mayar da dogon gefensu 1700, ya ajiye su a tsakiyar farin murabba'i mai 2000. Kafin a ba shi umarnin a tabbata kayan sun kai 1700 da kansu, domin in ba su kai ba shi ma shimfiɗa su zai yi.

Na matso kusa kamar yadda aka ce, sai takalmin ya fito da ƙaton hanci. Me ya faru?

Babbar kyamarar waya mai faɗin gani ce, kuma duk abin da ya fi kusa da ita tana kumbura shi. In aka kai ta taku ɗaya daga takalmi, gabansa zai yi girma dunduniyar ta tsuke, kwali kuma gefensa ya karkace. Maganin shi ne a ja baya kaɗan a yi amfani da zuƙowar 2x. In wayar tana da idon zuƙowa na daban, babu asara. In ba ta da shi, yanke tsakiyar hoton take yi ta shimfiɗa, don haka kada a wuce 2x, kuma a zuƙo hoton bayan ɗauka a ga ko ɗinki ya fito tsaf. A jingina wayar da wani abu ko a sa mata mazauni, a saita ƙidayar daƙiƙa uku, domin a inuwa girgizar hannu kaɗan ta isa ta ɓata hoto.

Kayana farare ne: farar shadda, farin hijabi, man kaɗe a farin roba. In na haskaka bayan sai su ɓace.

Wannan shi ne aiki mafi wuya a harkar, kuma hanyar jan haske sama ba ta yi a nan. Abin da ake so shi ne bayan ya kai 255 amma farin kayan ya tsaya ƙasa da haka, wajen 235 zuwa 245, yadda za a ga saƙa da ninki da aikin wuya. Abin da ke raba fari da fari shi ne siririyar inuwa a gefen kayan, kuma ana ƙirƙirar ta ne da baƙar takarda. A tsayar da baƙin kwali a hagu da dama, kusa da kayan amma a wajen hoton. Farin yadi ko roba zai ɗauki duhunsu a gefensa, sai siffar ta fito. A kuma nisanta kayan daga takardar baya gwargwadon yadda wuri ya bari, domin in sun manne da ita hasken da ke tasowa daga takardar yana wanke gefen.

A nan na fi son a auna haske a kan kayan, a bar takardar ta yi toka yadda take so, daga baya a yanke kayan a ɗora a kan fari. Ga fararen kaya tokar ma taimako ce, domin manhajar cire baya tana samun iyakar da za ta bi. Shadda mai sheƙi kuma a juya ta kaɗan har zanen da ke cikin saƙarta ya bayyana, in ba haka ba za ta yi kama da farin yadi na kowa, kuma mai sayen shadda wannan zanen yake nema.

Ina sa lambar wayata da sunan shagona a hoto don kada a sace. Shi ma laifi ne?

A babban hoto, eh. Lambar waya, sunan shago, farashi, kalmar rangwame, tuta, ƙawataccen gefe, duk ana mayar da hoto saboda su. Har rubutun da wasu wayoyi ke sakawa da kansu a kusurwa, mai faɗin sunan wayar ko kwanan wata, tambari ne a wurinsu, sai a shiga saitin kyamara a kashe Watermark. Abin da aka yarda da shi shi ne sunan da ke jikin kayan da kansu: wanda aka buga a fatar takalmi, ko takardar da ke manne a robar man kaɗe. Wanda yake tsoron satar hoto, hanyar da ta fi ita ce ya sa alamarsa a jikin kayan, sai ta shiga kowane hoto da izini.

Zan iya ajiye wani abu kusa da kayan don ya ƙawata, ko a gane girmansu?

A hoto na biyu zuwa sama, sosai ma. Can ne wurin ƙwallon kaɗanya kusa da robar mai, da hannu riƙe da jaka, da awo a jikin takalmi. A na farko kuwa ƙa'idar ita ce abin da ke cikin hoton shi ne abin da zai iso hannun mai saye, ba ƙari ba ragi. In kana sayar da sabulu ɗaya kada ka jera uku. In kuma dozin ne, a ga cewa dozin ne. Wasu nau'in kaya suna da tasu doka a kan wannan: a Amazon, misali, babban hoton takalmi ƙafa ɗaya ake nunawa, tana fuskantar hagu a ɗan karkace, kuma ba a son a ga mutum-mutumin da ake rataya wa tufafi. Kafin a ɗauki tufafi ko takalma a karanta dokar sashen, domin ta gaba ɗaya ba ta wadatar ba.

Hoton kente da fugu yana fitowa da wasu layuka masu kaɗawa waɗanda babu su a yadin. Wayar ce ta lalace?

Lafiyarta ƙalau. Idan siraran layukan saƙa suka yi kusan daidai da jerin ɗigon kyamara, su biyun sukan haifar da wani zane na uku mai kama da igiyar ruwa, wani lokaci har da launin da babu shi. A matso ko a ja baya kaɗan, ko a karkata wayar, a sake ɗauka. Kafin a yanke hukunci a zuƙo hoton sosai: in layukan sun ɓace, fuskar wayar ce kawai ke nuna su, fayil ɗin lafiya yake. In suna nan, suna cikin hoton. A sake dubawa bayan an rage girma zuwa 2000, domin ragewar ma takan haifar da su.

Girman ya yi, bayan fari ne, amma shafin ya ƙi karɓar fayil ɗin ma gaba ɗaya.

A duba nau'in fayil da nauyinsa. iPhone tun 2017 tana ajiye hoto a HEIC, wanda kasuwanni da yawa ba sa karɓa, kuma turawa ta Document tana kai shi yadda yake. A shiga Settings, Camera, Formats, a zaɓi Most Compatible, daga nan za ta riƙa ba da JPEG. Hoton da aka sauke daga intanet kuma yakan zo a WEBP. Canza ƙarshen sunan fayil da hannu ba ya canza nau'insa, sai an buɗe shi an sake ajiyewa.

Manhajar cire baya takan ba da PNG wanda bayansa ba fari ba ne, babu komai ne a wurin, ana ganinsa kamar ƙananan murabba'ai fari da toka. JPEG ba ya iya riƙe wannan, don haka idan kasuwar ta juya fayil ɗin da kanta bayan yakan koma baƙi ƙirin. A zuba masa fari da hannu kafin a ajiye. PNG ya fi nauyi nesa ba kusa ba, mai 2000 x 2000 yakan wuce 2MB cikin sauƙi, alhali JPEG mai girman nan da ingancin 85 zuwa 90 da farin baya galibi ba ya kai 1MB. In an ba ka zaɓin tsarin launi wajen ajiyewa, ka ɗauki sRGB, domin da wani tsarin jan atamfa yakan dushe a wayar mai saye. Kuma kowace ajiyewa ta JPEG tana ɗan cin inganci, har ta bar ƙananan tabo a farin da ke kewaye da kayan, saboda haka a riƙe asalin hoton daban, in za a yi wani gyara a koma kansa maimakon kan wanda aka riga aka matse.